Dalilin da ya sa bidiyo mai tambarin 1080p ke fitowa bulo-bulo, da yadda ake gane inda matsalar take

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an ga alamar 1080p ko Full HD a jikin bidiyo, magana ta ƙare, hoto zai fito tangaran. Sai a buɗe a tarar fuskar mutum ta zama ƙananan murabba'ai kamar an jera bulo, rubutun da ke jikin allo ya narke, lambar mota ba ta karantuwa. Daga nan a ɗora wa waya laifi, ko netwok, ko kuma a ce an yi wa bidiyon coge.

Alamar 1080p ƙidaya ce kawai ta yawan ɗigogin da ke cikin hoto. Ba ta faɗin yawan bayanan da aka kashe wajen zana su. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci kan tsabtar bidiyo: bitiret, wato adadin bayanan da aka ware wa kowane sakan, kodek, wato dabarar da aka bi wajen matse bayanan, sai kuma yawan motsin da ke cikin abin da aka ɗauka. Lamarin ya wuce jin daɗin kallo, domin a yau bidiyon waya ya zama shaida. A watan Oktoban 2018, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta fitar da faya-fayan bidiyon da ta ce sun nuna gwamnan Kano na wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli, gwamnan ya musanta, Majalisar Dokokin jihar ta kafa kwamitin bincike, muhawara kuma ta koma kan sahihancin bidiyon kansa. Duk wanda ke ɗaukar bidiyo don kafa hujja, ko yake karɓarsa don buga labari, yana buƙatar sanin abin da matsi ke cinyewa daga hoto.

Abin da 1080p ke nufi

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa a jere cikin sauri, galibi 25 ko 30 a kowane sakan. Kowane hoto kuma an gina shi da ƙananan ɗigogi da ake kira fiksel. A girman 1080p akwai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600.

A tsarin da wayoyi suka fi amfani da shi, kowane ɗigo na buƙatar bit 12 a matsakaicin lissafi idan ba a matse shi ba. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai, takwas daga cikinsa ne ke yin bait ɗaya. Idan aka ninka ɗigo 2,073,600 da bit 12, aka sake ninkawa da hotuna 30, za a samu kimanin megabit 746 a sakan guda. Minti ɗaya na irin wannan ɗanyen bidiyo zai ci kusan gigabait 5.6. Katin memori mai gigabait 32 ba zai ɗauki minti shida cikakku ba.

Saboda haka babu bidiyon da ke yawo a waya a ɗanyensa. Tun lokacin ɗauka wayar ke matse shi. Wayoyi da dama kan ajiye 1080p a kan megabit 17 ko kusa da haka a kowane sakan, abin da ake rubutawa 17 Mbps a allo. Ma'ana, tun kafin bidiyon ya bar hannun mai shi an rage shi fiye da sau 40. Ido bai cika lura da wannan ragi na farko ba, domin abin da aka zubar abu ne da ido ba ya kamawa sosai. Matsala tana farawa ne idan aka sake matsewa har aka shiga cin naman hoton.

A nan ya kamata a bambance ma'aunai biyu da ke rikita mutane. Girman fayil ana auna shi da megabait, ana rubuta MB. Bitiret kuwa ana auna shi da megabit a sakan, ana rubuta Mbps. Megabait ɗaya daidai yake da megabit takwas. Wanda ya riƙe wannan zai iya lissafa bitiret na kowane bidiyo da kansa: ya ninka girman fayil da takwas, ya raba da tsawon bidiyon a sakan.

Misali daga Tafashiya

A ɗauka wani matashi a Tafashiya, cikin ƙaramar hukumar Kankiya, ya ɗauki bidiyon minti uku a wurin rabon takin zamani. Akwai babbar mota, akwai buhuna masu rubutu a jiki, jama'a na turereniya, ƙura ta tashi, ganyen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, yana kaɗawa a bayansu. Yana so ya tura wa wani ɗan jarida a Katsina don a tabbatar da lambar motar da adadin buhunan da aka sauke.

Minti uku sakan 180 ne. A kan 17 Mbps fayil ɗin zai kai kimanin MB 380. Tura wannan a inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa ba ƙaramin aiki ba ne, ga kuma tsadar data, musamman tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Sai matashin ya sa bidiyon a ɗaya daga cikin manhajojin rage nauyin bidiyo, ya zaɓi MB 15, ya bar girman a 1080p don kada, a tunaninsa, inganci ya ragu.

Ga abin da ya faru a lissafi. MB 15 sau takwas ya ba da megabit 120. Idan aka raba da sakan 180, kowane sakan ya samu kusan kilobit 667. Sauti zai ɗauki kamar kilobit 64, hoto ya tsira da kimanin kilobit 600. Idan aka raba wannan wa hotuna 30, kowane hoto ya samu bit 20,000.

Kodek ɗin da ya fi yawa a wayoyi, H.264, yana yanka kowane hoto zuwa murabba'ai masu ɗigo 16 a kwance da 16 a tsaye, kamar gidajen dara. A hoton 1080p akwai irin waɗannan gidaje 8,160. Idan aka raba musu bit 20,000, kowane gida bai kai ga samun bit uku ba, alhali ɗigo 256 ne a cikinsa. A ainihin bidiyon da wayar ta ɗauka, kowane gida yana samun kimanin bit 69. Ɗigogin nan miliyan biyu suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba, alamar 1080p ma gaskiya take faɗa, amma kashi 96 cikin 100 na bayanan da ke bambanta wannan ɗigo da wancan sun tafi.

Kwatanci da faifan VCD zai ƙara fito da girman giɓin. Wannan faifai, wanda finafinan Hausa suka yi shekaru suna fita a kansa kafin zuwan memori da YouTube, girman hotonsa 352 ne a kwance da 288 a tsaye, wato ya gaza 1080p sau ashirin. Duk da haka ana ba shi kilobit 1,150 a sakan. Gidaje 396 ne kacal a kowane hoto, kuma a hotuna 25 cikin sakan kowane gida na samun kimanin bit 116. Gaskiya ne kodek ɗinsa, MPEG-1, tsoho ne da bai iya tattali kamar na yanzu ba. Amma abin lura shi ne bidiyon Tafashiya mai tambarin Full HD ya samu kusan rabin bayanan da ake ba faifan VCD, a kan hoton da ya ninka shi sau ashirin. Abincin mutum ɗaya ne aka raba wa mutum arba'in.

Yadda bulo ke samuwa

Kodek ba ya ajiye ɗigogi ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗaukar kowane gida ya fasalta shi da lambobi. Lamba ta farko tana faɗin matsakaicin haske ko launin gidan gaba ɗaya. Lambobin da ke biye suna bayyana sauye-sauyen da ke cikinsa, daga manya, kamar a ce gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu, har zuwa ƙanana ƙwarai, kamar saƙar buhu, gashin gemu ko gefen harafi. Tushen wannan dabara wani lissafi ne da ake kira DCT, wanda injiniya Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka wallafa a 1974, kuma har yau a kansa hotunan JPEG da mafi yawan kodek na bidiyo suka dogara.

Mataki na gaba shi ne inda ake asara. Kodek yana taƙaita waɗannan lambobi, kamar ɗan kasuwar da ya daina lissafin canji ya koma ƙirga dubu-dubu kawai. Duk abin da bai kai dubu ba sai ya zama sifiri. A H.264 akwai ma'aunin wannan taƙaitawa daga 0 zuwa 51, kuma duk ƙarin shida yana ninka faɗin matakin sau biyu. Idan bayanai sun wadata, matakin ƙarami ne, ƙananan siffofi suna tsira. Idan aka ƙuntata wa kodek, dole ya faɗaɗa matakin, ƙananan lambobi su mutu, har a wasu gidaje lambar farko kaɗai ta rage. Gidan da ba shi da komai sai matsakaicin launi fenti ɗaya ne shafe. Maƙwabcinsa ma haka, da nasa launin da ya ɗan bambanta. Inda suka haɗu sai layi ya bayyana. Wannan shi ne bulo-bulon da ake gani.

H.264 da kodek ɗin da suka biyo bayansa suna da matatar da ke goge waɗannan layuka kafin a nuna hoto. Shi ya sa bidiyon da aka matse a yau sau da yawa ba ya nuna murabba'ai ƙarara kamar na zamanin VCD, sai dai fuska ta yi sumul kamar an shafa mata man kaɗanya, ciyawa ta zama kore ɗaya. Cuta ɗaya ce da fuska biyu. Matatar tana ɓoye layi, ba ta maido da harafin da ya ɓace.

Dalilin da ya sa wani wuri ke fashewa, wani ya tsira

Babban tattalin da kodek ke yi ba a cikin hoto ɗaya yake ba, a tsakanin hotuna ne. Lokaci-lokaci yana ajiye cikakken hoto, wanda ake kira I. Hotunan da ke tsakani, P da B, ba cikakku ba ne. Umarni ne kawai: gida kaza yana nan yadda yake, gida kaza ya matsa dama da ɗigo huɗu, ga ɗan bambancin da za a ƙara. Gidan da bai sauya ba kusan kyauta yake.

Wannan ne ya sa lissafin bit uku ga kowane gida matsakaici ne, ba rabon daidai ba. Idan malami na zaune yana karatu, bango a bayansa, kyamara a kafe, mafi yawan gidaje ba sa motsi, sai bayanan su taru a fuska da hannuwa. Irin wannan bidiyo yana iya fitowa da kyan gani a bitiret ɗin da bai taka kara ya karya ba. Bidiyon Tafashiya kuwa akasin haka ne. Ƙura ba ta da siffar da za a ce ta matsa daga nan zuwa can. Ganyen bedi dubbai ne, kowanne da inda ya nufa. Jama'a na shiga gaban juna. Hannun mai ɗauka yana rawa, don haka ko motar da ke tsaye motsi take yi a idon kodek. Kowane gida na neman rabonsa a lokaci guda, abin rabawa kuma babu.

Haka ake gani a hawan sallah idan dawakai suka tada ƙura, a ruwan sama, a hayaƙi, da wurin biki mai fitilu masu walƙiya. Bidiyon dare yana da tasa matsalar. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamarar waya tana ƙara ƙarfin ɗaukarta, sai hoton ya cika da yashi-yashi mai sauyawa a kowane hoto. Kodek bai san wannan yashi ba shi da amfani ba, yana kashe bayanai a kansa, fuskokin mutane su rasa.

Kamfanin YouTube yana ba masu ɗora bidiyo shawarar 8 Mbps ga 1080p mai hotuna 24 zuwa 30 a sakan, da 12 Mbps idan hotunan sun kai 48 zuwa 60. Wannan ma'aunin ɗorawa ne, abin da yake aiko wa mai kallo bayan ya sake matsewa ya kan gaza haka. Ko da hakan, ya isa ya nuna cewa kilobit 600 bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ake buƙata ba.

Abin da zaɓin kodek ke iya yi, da inda ya tsaya

Kalmar MP4 da ake gani a ƙarshen sunan fayil ba kodek ba ce. Mazubi ne, kamar buhu, ana iya zuba masa gero ko dawa. Fayil biyu masu .mp4 na iya ɗauke da kodek daban-daban.

H.264, wanda kuma ake kira AVC, ya fito a 2003, kuma kusan babu wayar zamani, talabijin mai ramin USB ko kwamfutar da ba ta buɗe shi. H.265, ko HEVC, ya biyo baya a 2013 da burin ba da inganci iri ɗaya a rabin bitiret. Ɗaya daga cikin dabarunsa shi ne gidajensa na iya kaiwa ɗigo 64 a kowane gefe, sannan a rarraba su ƙanana inda ake buƙata. Sararin sama ko bangon laka sai a rufe shi da manyan gidaje kaɗan, a adana bayanai don fuska da rubutu. A shekarar 2013 ɗin ce Google ya fitar da VP9, wanda YouTube ke amfani da shi sosai. A 2018 kuma gamayyar kamfanoni ta Alliance for Open Media ta fitar da AV1, mai gidaje har 128, wanda ya fi su tattali.

Sai dai tattalin yana da iyaka. Ko an ɗauka HEVC ya cika alƙawarinsa gaba ɗaya, kilobit 600 a cikinsa zai yi kama da megabit 1.2 na H.264. An samu ci gaba, amma har yanzu ana ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na ma'aunin YouTube. Sabon kodek yana ninka abin da ake da shi sau biyu ko kusa da haka. Ba ya cike giɓin ninki goma.

Akwai kuma kuɗin da ake biya ta wata hanya. Sabbin kodek sun fi wahalar warwarewa. Wayar da ba a gina mata sashen buɗe HEVC ko AV1 a cikin injinta ba sai ta yi aikin da babbar ƙwaƙwalwarta, ta yi zafi, batir ya zube, hoto ya riƙa tsayawa, ko a ji sauti allo ya yi baƙi. A yankin da tsofaffin wayoyi da ƙananan talabijin suka yi yawa, H.264 ne har yanzu ya fi tabbas ga duk bidiyon da ake so kowa ya buɗe.

Ko a kodek ɗaya ma, sakamako yana bambanta da irin lokacin da aka ba injin matsewa. Waya tana matsewa nan take yayin ɗauka, ba ta da sukunin neman hanya mafi arha ga kowane gida. Kwamfutar da aka bari ta yi aikin a hankali tana iya fitar da hoto mafi tsabta a bitiret iri ɗaya.

Yadda ake gane musabbabi

Ba kowane lalacewar hoto ne ƙarancin bitiret ba, kuma kowanne da alamarsa.

Idan hoto ya yi kyau lokacin da komai ke tsaye, ya fashe da zarar an motsa kyamara, sannan ya dawo, ƙarancin bitiret ne. Wata alamar ita ce hoton ya riƙa tsabcewa yana dusashewa a kai a kai kamar numfashi, abin da ke faruwa duk lokacin da sabon cikakken hoto ya shigo.

Idan hoto dishi-dishi yake daga farko har ƙarshe, ko ana motsi ko ba a yi, kuma gefen haruffa ya yi kauri, akwai yiwuwar ƙaramin bidiyo ne aka buɗa shi zuwa 1080p. Ana yawan ganin haka a tsofaffin finafinan da aka kwaso daga VCD aka sake fitarwa da tambarin HD. Bulon da ke ciki ya kan fi na yau da kullum girma, domin shi ma an buɗa shi tare da hoton.

Idan murabba'ai masu launin kore, ruwan hoda ko toka suka bayyana kwatsam, suka ja jela na ɗan lokaci sannan suka ɓace, bayanai ne suka salwanta a hanya ko fayil ya samu rauni. Wannan shi ne abin da masu kallon tauraron ɗan'adam ke gani idan hadari ya haɗu. Kuskuren yana bin hotunan P da B har sai cikakken hoto na gaba ya zo ya share shi.

Na huɗu shi ne maimaita matsi. Duk lokacin da manhaja ta sake matse bidiyo, tana ɗaukar bulon da ya riga ya samu a matsayin ɓangaren hoto, ta ƙara nata a kai. Bidiyon da aka ɗora a Facebook, wani ya ɗauko shi ta hanyar naɗar allo, ya liƙa masa tambari a manhajar tace bidiyo, ya tura a WhatsApp, ya sha matsi sau huɗu ko fiye.

Don tabbatarwa, manhajar MediaInfo, wadda ake samu kyauta a waya da kwamfuta, tana nuna kodek, girman hoto da bitiret na kowane fayil. A kwamfutar da ke da FFmpeg, wannan umarni yana ba da bayanan:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=codec_name,width,height,avg_frame_rate,bit_rate bidiyo.mp4
```

Idan aka ga width=1920 da height=1080 amma bit_rate na kusa da 600000, an gano bakin zaren. A YouTube kuma, zaɓin Stats for nerds yana nuna kodek ɗin da ake aiko wa mai kallo: avc1 na nufin H.264, vp09 na nufin VP9, av01 kuma AV1.

Abin da ya kamata a yi da MB 15 ɗin

Hanya mafi inganci ita ce kada a sake matse bidiyon shaida ko kaɗan. A WhatsApp, bidiyon da aka tura daga ma'ajiyar hotuna ana sake matse shi, har da wanda aka danna wa alamar HD da kamfanin ya ƙara a 2023. Wanda aka tura a matsayin Document kuwa yana isa yadda yake, kuma tun 2022 ana iya tura fayil har gigabait biyu ta wannan hanya. Kwafa ta kebul, ta katin memori ko ta Xender ita ma ba ta taɓa fayil. Ga mai zama a Tafashiya ko Kusada, kai wayar Kankiya ko Katsina a kwafe fayil ɗin hannu da hannu na iya fin sauƙi da arha.

Idan dole ne a tsaya a MB 15, akwai zaɓi biyu, kuma abin da ake son nunawa ne zai raba gardama. In ana son a ga yadda taron ya gudana gaba ɗaya, a rage girman hoton. A 480p gidaje 1,620 ne, don haka bit 20,000 ɗin nan zai ba kowane gida kimanin 12, ninki biyar na abin da ya samu a 1080p. Hoton zai yi laushi, amma ba zai farfashe kamar wancan ba, kuma a allon waya ya fi daɗin kallo.

```
ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=-2:480 -c:v libx264 -preset slow -b:v 600k -c:a aac -b:a 64k aika.mp4
```

In kuwa lambar mota ko rubutun buhu ake nema, rage girma ba zai taimaka ba, domin ƙananan haruffa na buƙatar ɗigogi masu yawa. A nan sai a rage tsawo. Megabit 120 ɗin da aka shimfiɗa a kan minti uku ya isa ya ɗauki sakan bakwai na ainihin bidiyon ba tare da an taɓa ingancinsa ba. Sai a yanko daidai inda lambar ta fito:

```
ffmpeg -ss 00:01:10 -i asali.mp4 -t 7 -c copy guntu.mp4
```

Kalmar copy a umarnin tana nufin a kwafe bayanan yadda suke, ba a sake matsewa ba. Tun a wurin ɗauka ma ana iya sauƙaƙa wa kodek aiki: a matsa kusa da abin da ake son nunawa maimakon jawo shi da yatsa, a tsayar da hannu na sakan biyar a kan lamba ko rubutu, a sa rana a baya, sannan a ƙara da hoto marar motsi na abin.

Iyakar abin da bulo ke iya tabbatarwa

Abin da matsi ya zubar ba ya dawowa. Wanda ya ɗauki fayil mai MB 15 ya sake fitar da shi a kan 20 Mbps zai samu fayil mai nauyin MB 450 ɗauke da bulon nan dai, an adana shi da kyau. Don haka babban bitiret a MediaInfo ba ya tabbatar da cewa fayil na asali ne, ko da yake ƙaramin bitiret a bidiyon da aka ce daga kyamara ya fito kai tsaye dalili ne na yin tambaya.

Haka kuma bulo-bulo a kusa da fuska ko baki ba hujja ba ce ta cewa an yi coge. Fuska da baki su ne suka fi motsi, nan ne matsi ya fi bayyana. A ɗaya gefen, matsi mai tsanani yana iya binne alamun coge na gaske, ya sa mai bincike ya kasa tabbatarwa ko ƙaryatawa. Bidiyon da ya sha matsi yana raunana hujjar ɓangarorin biyu.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya tanadi cewa shaidar da ta fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa tana buƙatar bayani kan na'urar da yadda aka samar da ita kafin kotu ta karɓa. Wannan ya sa ainihin fayil ɗin da ke cikin wayar da ta ɗauka, da sunansa na asali da kwanan watansa, ya fi duk kwafin da ke yawo daraja. Mai ɗauka ya guji goge shi don neman fili bayan ya tura, ɗan jaridar da ya karɓi kwafi kuma ya nemi na asalin kafin ya yanke hukunci kan abin da ya gani ko ya kasa gani.